Agogo Ya Buga Shida, Fayil Bai Iso Ba

Da misalin ƙarfe bakwai saura kwata na wata safiyar Laraba, manajan ciniki na kamfanin da nake yi wa aikin kwamfuta ya buɗe rahoton kaya a wayarsa, kamar yadda ya saba kafin a fara lodi. Kamfanin na dillancin kayan masarufi ne, hedikwatarsa a Kano, yana kuma da sito a Katsina da Gusau. Rahoton ya nuna akwai jarkar man girki 340 a siton Katsina. Nan take ya yi wa wani babban ɗan kasuwa alkawarin jarka 200, ya tura mota. Direba ya isa wajen ƙarfe goma, ya tarar da jarka 30 kacal. Sauran 310 an sayar da su tun yammacin Talata, an kuma rubuta cinikin daidai, babu wanda ya ci ko kwabo.

Manajan ya kira ni ransa a ɓace. "Malam, wannan rahoton naka ƙarya yake yi mana ke nan? Ga shi a samansa an rubuta cewa yau ƙarfe shida aka sabunta shi."

"Ranka ya daɗe, ba ni minti goma in duba," na ce masa.

Abin da na tarar ba shi da wuyar ganewa. Kowane dare, bayan an rufe sito, mai kula da shi yana fitar da jerin kayan da suka rage daga kwamfutarsa, ya turo shi ta intanet zuwa wata folda a sabar kamfani. Sunan fayil ɗin kullum ɗaya ne, `kaya.csv`, na yau yana hawa kan na jiya ya shafe shi. Ƙarfe shida na safe kuma sai wata manhaja ta tashi da kanta, ta karanta abin da ta samu a foldar, ta zuba a rumbun bayanai, ta sabunta rahoto. A daren Talatar an ɗauke wuta a unguwar da siton yake, mai sito ya bari sai da safe. Fayil ɗinsa ya iso ƙarfe 6:09. Manhaja ta riga ta zo ƙarfe 6:00, ta ga `kaya.csv` na daren Litinin yana zaune, ta karanta shi tsaf, ta buga wa rahoton tambarin Laraba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu abin da ya lalace a ido. Da manhajar ta faɗi, da an ga jan rubutu an kira ni tun shida da minti ɗaya. Ita kuwa ta gama aikinta lafiya, ta rubuta cewa ta yi nasara. Irin wannan kuskure na shiru shi ne mafi tsada a aikin bayanai, domin wanda yake riƙe da rahoton ba shi da dalilin yin shakka.

Me ƙarfe shida yake nufi?

Manhajar da take tayar da aiki bisa agogo a sabobin Linux ana kiran ta `cron`, kuma tsohuwa ce, tun shekarun 1970 take tare da Unix. Layi ɗaya ake rubuta mata:

```
0 6 * * * /opt/rahoto/sabunta.sh
```

Sifili na minti ne, shida na awa, taurari ukun kuma suna cewa kowace rana, kowane wata, kowace ranar mako. Masu amfani da Windows suna da Task Scheduler, masu rahoton Power BI suna da jadawalin sabuntawa, duk tunanin ɗaya ne. Wannan layin bai san komai game da fayil ba. Lokaci kaɗai ya sani. Wanda ya rubuta shida a wurin, abin da yake zuciyarsa shi ne: kafin shida ai fayil ya iso. Wato agogon yana tsaye ne a madadin wata tambaya da ba a taɓa yi ba, tambayar ko fayil ya iso ɗin. Muddin mai turowa bai makara ba, zaton yana dacewa da gaskiya, har a manta cewa zato ne.

Maganin da kowa yake fara kawowa shi ne a matsar da lokacin, mu ma shi muka fara yi. Muka mai da shi shida da rabi. Bayan mako biyu fayil ɗin Gusau ya iso bakwai saura minti ashirin, aka ce a mai da shi bakwai. Amma bakwai ake fara lodi, don haka rahoton ya daina amfanar waɗanda aka yi shi dominsu. A nan na zauna na duba tarihin sabar na wata guda, na rubuta lokacin isowar fayil ɗin Katsina a ranakun aiki 26. A ranaku 19 ya iso kafin sha biyun dare. A ranaku 5 ya iso tsakanin asuba da ƙarfe shida da rabi. A ranaku 2 sai bayan bakwai. Duk lokacin da za a zaɓa a agogo, ko dai a bar bayanan da suka iso tun dare suna zaman banza na awa bakwai ko takwas, ko kuma a ci gaba da karanta tsohon fayil a ranakun makara. Ƙarfe bakwai ɗin da muka zaɓa ya haɗa asarar biyu a wuri guda.

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Unguwa Uku ya san wani tsarin dabam. Jirgin ƙasa yana da lokacin tashi a rubuce, ko da kujeru a wofi. Motar haya kuwa sai ta cika, ko da hantsi ne ko da azahar. Aikin sabunta rahoto ɗan gidan motar haya ne: ba shi da dalilin tashi sai abin da zai ɗauka ya iso. Don haka muka juya tsarin. Maimakon agogo ya tayar da aikin, isowar fayil ce za ta tayar da shi.

Leƙe ko sallama

Hanyoyi biyu ne kwamfuta take sanin fayil ya iso. Ta farko ita ce leƙe: manhaja ta duba folda, in babu komai ta ɗan kwanta, ta sake dubawa. Abu na farko da muka gyara shi ne sunan fayil, muka sa kowanne ya ɗauki sunan sito da ranar cinikin. Sannan muka rubuta ɗan wannan, yana farawa ƙarfe tara na dare:

```
f="/data/shigowa/katsina_$(date +%Y%m%d).csv"
until [ -f "$f" ]; do sleep 120; done
/opt/rahoto/sabunta.sh "$f"
```

Layin farko yana haɗa sunan da ake jira. Na biyu yana cewa, har sai fayil mai wannan suna ya bayyana, a huta daƙiƙa 120 a sake dubawa. Na uku ba ya gudana sai na biyu ya sake shi. Manyan kamfanoni suna yin haka ne da manhajoji irin su Apache Airflow, wadda aka fara ginawa a kamfanin Airbnb a 2014. A cikinta akwai `FileSensor` da `SFTPSensor` da `S3KeySensor`, kowanne mai leƙe ne, kuma in ba a canza ba, duk daƙiƙa 60 yake dubawa.

Hanya ta biyu ita ce sallama: mai jira ya zauna shiru, wurin da fayil ya sauka ne zai sanar da shi. Linux tana da `inotify` tun 2005, ma'ajiyar Amazon S3 tana aika sanarwa idan an ajiye sabon abu, Power Automate ma yana iya tayar da aiki idan fayil ya shiga foldar SharePoint. Wannan ya fi sauri, amma yana da nasa sharuɗɗan. `inotify` ba ta ganin canjin da wata kwamfuta ta yi a foldar da ake rabawa ta hanyar sadarwa, kuma in fayil ya iso lokacin da manhajar sauraron take kashe, sallamar ta wuce ke nan, ba za a maimaita ba. Ga ƙaramin kamfani mai fayil uku a dare, ni leƙe nake zaɓa. Jinkirin minti biyu ba ya cutar da kowa, kuma in sabar ta mutu ta tashi, aka sake kunna mai leƙe, zai ga fayil ɗin a inda yake.

Na ɗauka mun gama. Kwana tara tsarin yana tafiya sumul, manajan yana samun rahoton Katsina tun kafin ya kwanta.

Rabin fayil

A rana ta goma akanta ta leƙo ofishina da takarda a hannu. "Malam, wai shinkafa da sukari da sabulu da taliya duk sun ƙare a Gusau a dare ɗaya?" Na karɓi takardar na bi jerin. Man girki yana nan, madara tana nan, gishiri da fulawa duk daidai. Kayan da suka ɓace kuwa duk sunayensu daga ƙarshen baƙaƙe suke. Jerin a tsare yake daga A zuwa Z, kuma ya yanke a tsakiya. Fayil ɗin Gusau yakan zo da layuka wajen 1,400. A daren nan rumbun bayanai ya karɓi 806.

Dalilin shi ne fayil ba ya faɗowa cikin folda gaba ɗaya kamar buhu daga mota. Da zarar an fara turowa, sunansa yana bayyana, cikinsa kuma yana cika a hankali kamar randa a bakin famfo. In layin intanet yana da ƙarfi, daƙiƙa ɗaya ko biyu ne. A daren nan sabis ya tsaya cak ana tsakiyar turowa, ya yi mintuna kafin ya dawo. Mai leƙenmu ya zo a cikin wannan tazara, ya ga suna, ya ce fayil ya iso. A tsarin agogo wannan bai cika faruwa ba, domin sai an yi rashin sa'a ƙarfe shida ta faɗa daidai tsakiyar turowa. A tsarin jira kuwa mu da kanmu muka matsar da karatun zuwa daidai lokacin da ya fi haɗari. Duk wanda zai koma jiran fayil ya san wannan tun farko: ganin suna a folda bai isa hujjar isowa ba.

Dabarar da mutane suka fi fara yi ita ce a auna girman fayil sau biyu, a bar minti ɗaya ko biyu a tsakani, in bai ƙaru ba a ce ya kammala. Tana aiki a inda intanet ba ya yankewa. A wurinmu ba ta da tabbas, domin fayil ɗin da sabis ya yanke masa ma ba ya ƙaruwa. A ma'auni, wanda ya gama da wanda ya maƙale kamarsu ɗaya.

Abin da yake aiki shi ne mai turowa ya faɗa da bakinsa cewa ya gama. Hanya ɗaya ita ce ya turo fayil da sunan wucin gadi, misali `gusau_20240312.csv.tmp`, sai bayan ƙwayar ƙarshe ta sauka ya canza masa suna zuwa na gaskiya. Canza suna a cikin faifai ɗaya a Linux abu ne na lokaci guda, babu rabinsa. Kowa ya taɓa ganin wannan ba tare da ya lura ba: idan Chrome yana sauke abu, sunan yana ƙarewa da `.crdownload` har sai ya gama. WinSCP, wadda ake yawan tura fayil da ita daga Windows, tana iya yin haka da `.filepart`. Hanya ta biyu ita ce a biyo fayil da wani ƙaramin fayil wanda babu komai a cikinsa, aikinsa kawai shaida. Hadoop da Spark suna ajiye irinsa mai suna `_SUCCESS` idan sun gama rubutu. Mu muka sa manhajar da take turowa daga sito ta riƙa aiko `.ok` bayan babban fayil, mai leƙe kuma ya koma jiran wannan:

```
until [ -f "$f.ok" ]; do sleep 120; done
```

Muka ƙara abu ɗaya da bankuna suka daɗe suna yi a fayilolin da suke musaya: layin ƙarshe ya faɗi adadin layukan da ke sama da shi, misali `TOTAL,1412`. Kafin a zuba komai a rumbu, manhaja tana ƙirga layukan da ta samu ta gwada da wannan adadi. In ba su yi daidai ba, ko layin ƙarshen ma babu shi, ba ta taɓa rahoton, sai ta aiko saƙo. Wannan shi ne wayabil ɗin fayil. Babu mai sito mai hankali da zai sa hannu ya karɓi lodi bai ƙirga katan ya gwada da takardar direba ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a yarda kwamfuta ta karɓi bayanai da ƙasa da wannan kulawa ba.

Na yau ne? Sau nawa ya zo?

Fayil yana iya zuwa cikakke kuma ya zama ba shi ake jira ba. Wata rana mai siton Katsina ya yi kuskuren zaɓar rana a manhajarsa, ya fitar da jerin shekaranjiya, manhajar turowa kuma ta buga masa sunan yau. Suna daidai, `.ok` ya zo, ƙirga ta cika. Lokacin da kwamfuta take nunawa a gefen fayil ma ba ya taimako, domin sau da yawa lokacin sauka yake faɗi, ba ranar da aka yi cinikin ba. Mafita ita ce ranar ciniki ta kasance a rubuce a cikin fayil ɗin kansa, a layin farko, a gwada ta da ranar da ke cikin suna. Akwai kuma gwaji mai arha da ya taɓa cetonmu: a ɗauki zanen yatsan fayil da `sha256sum`, a gwada da na jiya. In sun zo iri ɗaya, to fayil ɗin jiya ne aka sake turowa, domin siton da ya buɗe ya yi ciniki ba zai wayi gari da kaya daidai da na jiya har ƙwaya ba.

Sai batun maimaici. Mai sito yakan gano ya manta da wani ciniki, ya gyara ya sake turowa da tsakar dare. A tsarin agogo, na biyun yana shafe na farko kafin shida, babu wanda ya san an yi. A tsarin jira an riga an karanta na farko. In aikin zubawa ƙari yake yi a kan abin da ke rumbu, jarka 30 za ta koma 60. Dole a gina shi yadda ko sau biyar aka gudanar da shi sakamakon ɗaya ne: ya fara share duk layukan wannan sito na wannan rana, sannan ya zuba sababbi, kuma sharewar da zubawar su tafi a dunƙule, ko duka su yiwu ko duka su fasa. Masu amfani da sanarwar S3 ma suna bukatar wannan, domin alkawarin da Amazon ta yi shi ne sanarwa za ta zo aƙalla sau ɗaya, wato tana iya zuwa sau biyu. Bayan an karanta fayil muna kwashe shi da `.ok` ɗinsa zuwa foldar ajiya, mai leƙe ya ci gaba da dubawa har ƙarfe sha biyun rana ko gyara zai biyo baya.

Idan bai zo ba sam

Nan ne na fi ganin mutane suna faɗawa rami. Aikin agogo yana gudana kullum, ko da kuskure. Aikin jira kuwa, in fayil bai zo ba, babu abin da yake faruwa: babu nasara, babu faɗuwa, babu saƙo. Ɗan layin `until` da na nuna a sama zai yi ta leƙe har sai an kashe sabar. A Airflow, in ba a sa wa mai leƙe iyaka ba, kwana bakwai zai yi yana jira kafin ya haƙura, kuma a yanayinsa na asali yana riƙe da gurbin aiki duk tsawon jiran. Masu leƙe da yawa a haka suna iya cinye guraben har sauran ayyuka su rasa wurin gudu, shi ya sa ake sa musu `mode="reschedule"` da `timeout` mai ma'ana.

Mu da muke duban wata mun san yadda ake jira da iyaka. Ba kalanda ce take fara azumi ba, sai an ga jinjirin wata, an tantance shaidar waɗanda suka gani, Sarkin Musulmi ya sanar. Amma jiran ba ya zarcewa har abada: in ba a gani ba a daren da ake dubawa, an san abin da za a yi, a cika kwana talatin. Tsarin jiran fayil yana bukatar waɗannan ukun: abin da ake jira, tantance shi, da hukuncin da aka shirya tun farko na ranar da bai bayyana ba.

Saboda haka agogo ya dawo cikin tsarinmu, da wani aiki dabam. Ƙarfe 6:15 wani ƙaramin aikin `cron` yana tashi ya yi tambaya ɗaya: a cikin sito uku, wanne ne fayil ɗinsa na jiya bai shiga rumbu ba? In akwai, saƙo yana zuwa wayar mai siton da abin ya shafa, da tawa, da ta manajan ciniki. Mun zaɓi 6:15 ta hanyar lissafi daga baya. Lodi yana farawa bakwai, sabuntawa tana cin minti goma, mai sito kuma yana bukatar wajen rabin awa ya isa ya kunna janareta ya turo. A kula da agogon sabar ma. Da yawa daga sabobin haya suna kan UTC, wanda yake bayan lokacin Najeriya da Nijar da awa ɗaya, don haka shida a can bakwai ce a Kano.

Gargaɗin ma sai ya san ranakun da ba a sa ran fayil. Sitocinmu ba sa buɗewa ranar Lahadi, kuma a makon farko saƙo ya tashi kowa da safiyar Litinin a kan fayil ɗin da ba zai taɓa zuwa ba. In gargaɗin banza ya yi yawa, mutane suna daina karantawa, ranar na gaske ma su share shi. Muka yi ɗan jadawalin ranakun aiki da manhajar take dubawa. Lahadi mai sauƙi ce. Hutun Sallah kuwa ba a iya rubuta shi tun farkon shekara da tabbaci, don haka aka ɗora wa mutum ɗaya a ofis nauyin shigar da ranakun da zarar an sanar.

Tambayar da ta fi cin lokaci a taronmu ba ta kwamfuta ba ce. In fayil biyu sun iso, na uku bai zo ba, a sabunta rahoto da biyun ko a jira? Akanta ta ce a jira, domin jimillar da ta haɗa kayan Laraba na Kano da kayan Talata na Gusau ba jimillar kowace rana ba ce. Manajan ciniki ya ce shi ba zai zauna babu labarin Kano da Katsina saboda Gusau ba. Dukansu suna da gaskiya, don bukatunsu dabam ne. Muka raba: shafin kowane sito yana sabuntuwa da zarar nasa fayil ya iso, shafin jimilla kuwa ba ya motsi sai ukun sun cika. Wannan rabon yana da farashi a wasu manhajoji. A lasisin Power BI Pro, sau takwas kawai ake iya sabunta tarin bayanai ɗaya a rana ta jadawali ko ta umarnin wata manhaja, don haka sito uku da gyare-gyarensu suna iya cinye kason kafin azahar.

Ba kowane aiki ne ya cancanci duk wannan wahala ba. In rahoto yana ɗebo bayanai kai tsaye daga rumbun da ake rubutawa a cikinsa kowane lokaci, babu wani fayil da za a jira, agogo ya wadatar. Haka in abin da ake so shi ne hoton yadda asusu yake daidai sha biyun daren ƙarshen wata, to lokacin kansa shi ne sharaɗin. Jira yana da amfani ne idan bayanan suna zuwa a dunƙule, daga hannun wani, a lokacin da ba kai kake iko da shi ba.

Gyara na ƙarshe da muka yi shi ne mafi ƙanƙanta, kuma shi manajan ya fi yabawa. Mun cire rubutun nan na saman rahoto mai faɗin lokacin da aka sabunta shi, wanda ya yaudare shi ranar man girki. A madadinsa kowane sito yana da layinsa da yake faɗin ranar cinikin da bayanan suka ƙunsa da lokacin da fayil ya iso. In bayanan sito ba na jiya ba ne, layinsa yana komawa ja.

Watanni bayan haka, a wata safiyar damina, ruwa ya kwana yana zuba a Gusau, sabis ya ɗauke. Ƙarfe 6:15 saƙo ya shigo wayoyinmu. Manajan ya buɗe rahoto, ya ga Kano da Katsina da kwanan watan jiya, Gusau kuma ja da na shekaranjiya. Ya sallami motocin Kano da Katsina a kan lokaci, ya kira mai siton Gusau ya ce ya ƙirga masa buhunan sukari da hannu ya faɗa masa ta waya, tun da a kansu ake da oda. Fayil ɗin ya iso ƙarfe 8:52, `.ok` ya biyo shi, ƙirga ta cika layuka 1,397, kuma ƙarfe tara da 'yan mintuna layin Gusau ya bar ja, shafin jimilla ya sabuntu.